Zanen da manajan bai iya karantawa ba

Mu huɗu ne a kamfaninmu, kuma aikinmu shi ne mu karɓi alƙaluman mutane mu mayar da su rahoto mai zane, irin wanda ake ɗora wa ginshiƙai da layuka domin mai karatu ya gane inda aka dosa da kallo ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar cewa idan launuka sun yi kyau, aiki ya kammala. Wani kamfanin kai kaya ne ya sa na sake tunani.

Sun ba mu alƙaluman shekara guda, an kasa ta zango huɗu, wata uku-uku. Kowane zango muka yi masa ginshiƙi ɗaya mai hawa uku: kore ga kayan da suka isa a kan lokaci, ja ga waɗanda suka makara, rawaya ga waɗanda aka soke. A gefe muka sa ɗan akwati mai bayanin kowane launi. Washegari manajan ya kira ni. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ban ga inda hawa na farko ya ƙare na biyu ya fara ba. Idona ba ya raba ja da kore tun ina yaro." Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin shi ne zai tsaya gaban shugabanninsa da wannan takarda. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da wannan lalura, mace kuwa kusan ɗaya cikin 200, kuma ana samun ta a kowace al'umma.

Da muka zauna auna launukan, sai muka ga laifin ya wuce batun idonsa. Akwai ma'auni na tazarar haske tsakanin launi biyu, wanda ke farawa daga 1:1, wato babu bambanci ko kaɗan, ya ƙare a 21:1, wato baƙi wuluk a kan fari fat. Ƙa'idojin WCAG 2.1 na sauƙaƙa shafukan intanet ga masu nakasa, waɗanda suka fito a 2018, sun nemi rubutu na yau da kullum ya kai 4.5:1, sassan zane da ake bukata domin fahimta kuma su kai 3:1 da abin da ke maƙwabtaka da su. A lambobin launi na kwamfuta, janmu #FF0000 ne, korenmu #008000. Kowannensu ya fita sosai a kan farar takarda, amma tsakanin su biyun tazarar ba ta wuce 1.3:1 ba. Ma'ana, idan aka cire launin aka bar haske da duhu kawai, kusan abu ɗaya ne. Rawayar kuwa, #FFFF00, ba ta ko kai 1.1:1 a kan fari ba. Duk wanda ya buga rahoton da injin da ba ya fitar da launi, ko ya duba shi a waya cikin rana, zai sha wahalar da manajan ya sha.

Abokiyar aikina ta ce to mu nemo launuka uku da duk suka yi wa juna nisa. Muka gwada, lissafi ya ƙi. Launi na farko dole ya kai 3:1 da farin shafi. Na biyu, domin ya kai 3:1 da na farko, sai ya kai 9:1 da fari. Na uku zai bukaci 27:1, alhali baƙi kansa a 21:1 ya tsaya. Ke nan a kan farin shafi launi biyu kawai za ka iya jerawa su cika sharaɗin da juna da kuma shafin. Daga nan sai dai a nemi wata dabara, kuma a nan ne ratsi da ɗigo suke shigowa.

Ga yadda muka sake shi. Kayan da suka isa a kan lokaci muka ba su shuɗi mai duhu, #003366, wanda ya haura 12:1 a kan fari. Waɗanda suka makara muka ba su ruwan toka, #949494, wanda ya ɗan haura 3:1 a kan fari kuma ya kai kusan 4:1 da shuɗin. Waɗanda aka soke muka bar su fari, muka zagaye su da baƙin layi, muka yi musu ratsi-ratsi a karkace. Tsakanin hawa da hawa muka bar siririyar farar tazara. Sannan muka jefar da akwatin gefen nan gaba ɗaya, muka rubuta sunan kowane hawa a kusa da shi a jikin ginshiƙin ƙarshe. A ganina wannan gyaran ya fi sauran amfani, domin mai karatu ya huta da kai ido gefe yana dawowa yana ƙoƙarin haɗa launi da launi.

Ratsi ma yana da iyakarsa. Mun taɓa yi wa kowane hawa nasa ado, wannan ɗige-ɗige, wancan ratsi a tsaye, wancan a kwance, sai zanen ya riƙa yi wa ido rawa. Idan kuma ratsin ya yi siriri, da an ƙanƙantar da hoton sai ya narke ya koma toka. Yanzu ba ma wuce ado ɗaya ko biyu a zane guda, kuma mukan yi layukan da kauri.

Saura wanda ba ya gani sam. Shi da manhajar karanta allo yake aiki, irin su NVDA ko VoiceOver, kuma ba abin da za ta faɗa masa game da hoto sai abin da muka rubuta a gurbin alt, wato ɓoyayyen rubutun da ke bayyana abin da hoton ya ƙunsa. A rahoton farko abin da ke gurbin shi ne "zane na 3", wanda bai gaya wa kowa komai ba. Na biyu ya zama haka:

```html
<img src="kaya.png" alt="Ginshiƙai huɗu na zangon shekara.
Kayan da suka isa kan lokaci sun tashi daga kashi 62 zuwa 81
cikin ɗari, waɗanda suka makara sun sauka daga 30 zuwa 14.">
```

Ban ambaci shuɗi ko toka ba, domin ba launin yake nema ba. Na faɗi irin zanen, abin da aka auna, da saƙon da mai ido zai ɗauka a kallon farko. Ban kuma cusa dukkan lambobi 12 a ciki ba, saboda sauraron jerin lambobi a numfashi ɗaya yana gajiyarwa, kuma da wuya mutum ya koma ya ciro guda ɗaya. Sai muka sa cikakkun alƙaluman a tebur na gaske ƙarƙashin zanen, mai kanun layuka, inda manhajar za ta bi da shi gida-gida. Hoton tebur ba zai yi wannan aikin ba.

Wurin da muka fi yin tuntuɓe shi ne idan alƙaluma suka canza. Kamfanin ya aiko da gyara a zango na huɗu, muka sake zanen, bayanin alt ya zauna da tsohuwar lamba, tun da ba a ganin sa a allo. Abokiyar aikina ce ta kama shi da ta kunna manhajar tana sauraro. Tun daga ranar, kafin kowane rahoto ya fita, mukan buga shi baƙi da fari mu miƙa wa wanda bai sa hannu a aikin ba ya faɗa mana abin da ya gani, sannan ɗayanmu ya kawar da kai daga allo ya saurari shafin daga sama har ƙasa, wani kuma yana riƙe da alƙaluman asali yana bi.