Talata: digiri biyu da ba su cikin akwatin

Saura kwana uku in zuba ƙwai a akwatin ƙyanƙyasar da na haɗa, amma tun safe hankalina bai kwanta ba. Ma'aunin zafi na gilashi da na rataya a ciki yana nuna digiri 37.5, allon Arduino Uno da na haɗa da sensar zafi kuma yana cewa 39.6. Ga ƙwai, digiri biyu ba wasa ba ne.

Da farko na zargi sensar, LM35. Kowane digiri ɗaya tana ba da 10 mV, don haka na ɗora mita a ƙafarta ta tsakiya. Sai ga 0.375 V. Ashe ba ta da laifi.

Bayan azahar na zauna na sake bin lissafin a takarda. Umarnin `analogRead(A0)` da ke karanta sensar ba ƙarfin wuta yake faɗa maka ba. Yana gwada wutar da ke shigowa ne da wata wutar da ya ɗauka a matsayin mudunsa, ya raba mudun gida 1024, ya ce maka gida nawa aka cika, daga 0 zuwa 1023. Nawa yana ba ni 81. Ni kuma na rubuta 81 × 5.0 ÷ 1024, wanda ya ba da kusan 0.396 V. To wa ya ce mudun 5.0 ne? Na auna ƙafar `5V` yayin da allon ke shan wuta daga USB na kwamfuta, na ga 4.72. Da na sa wannan a lissafin, sai ya sauko 0.373 V, wato digiri 37.3. Idan mudu ya ƙanƙance, dole adadin awo ya ƙaru, alhali hatsin bai ƙaru ba.

Ban so in tsaya nan ba, domin gobe in na canza caja, 4.72 ɗin ma zai canza. Kuma kowane gida ɗaya kusan rabin digiri ne, ya yi faɗi da yawa. Sai na koma kan mudun da ke cikin guntun Arduino ɗin kansa, na 1.1 V. Shi ma ba daidai yake a kowane allo ba, yana iya faɗawa tsakanin 1.0 da 1.2, don haka na auna nawa a ƙafar `AREF` bayan ya fara karatu, na samu 1.08.

```
analogReference(INTERNAL);
analogRead(A0);
delay(10);
float v = analogRead(A0) * 1.08 / 1024.0;
```

Karatun farko bayan canza mudu zubar da shi ake yi, shi ya sa na kira shi sau biyu. Yanzu lambar 355 ce, wato 0.374 V, digiri 37.4, kowane gida kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri.

Har yanzu lambar kan ɗan yi rawa duk lokacin da fanka ta tashi. Gobe in Allah ya kai mu zan nesanta wayar sensa da ta fanka, in riƙa ɗaukar karatu 16 ina fitar da matsakaicinsu.