Daren da ƙarfe ɗaya ta buga sau biyu a Landan

Aikina kula da manhajar wani kamfani da ke biyan mutane kuɗin da 'yan uwansu suka aiko daga Birtaniya. Abokan hulɗarmu na Landan suna karɓar kuɗin, mu kuma muna biya a Kano, kullum suna turo mana fayil mai ɗauke da lambar kowane aike, adadinsa da lokacin da aka yi shi. Tsarin da na tarar yana kwafe lokacin nan yadda ya zo, ba tare da wata alama da ke nuna agogon wace ƙasa ba ne. Duk tsawon damina babu wanda ya koka, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano daidai suke tafiya, dukkansu suna gaban UTC, ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya.

Ranar Lahadi 27 ga Oktoba 2024 Birtaniya ta mayar da agogonta baya. Da ƙarfe biyu na dare ta cika, sai aka koma ƙarfe ɗaya, wato duk mintin da ke tsakanin 01:00 da 01:59 ya zo sau biyu a daren. Da aka zo haɗa lissafi, muka ga wani aike da aka tura da 01:50, amma saƙon tabbatar da shi yana ɗauke da 01:10. A takarda, an tabbatar da kuɗin minti arba'in kafin a tura su, don haka manhajar ta riƙe shi a matsayin abin zargi, mai karɓa kuma yana ta jira. Da na juya lokutan biyu zuwa UTC sai maganar ta warware: 01:50 ɗin na zagayen farko ne, wato 00:50 UTC, 01:10 kuwa na zagaye na biyu, wato 01:10 UTC. Minti ashirin ne kacal tsakaninsu, kuma a jeren da ya dace.

Wanda ke son gani da idonsa zai iya gwada wannan:

```python
from datetime import datetime, timezone
from zoneinfo import ZoneInfo

landan = ZoneInfo("Europe/London")
for f in (0, 1):
    t = datetime(2024, 10, 27, 1, 30, fold=f, tzinfo=landan)
    print(t.astimezone(timezone.utc))
```

Zai fitar da `00:30` da `01:30` na UTC. Rubutu ɗaya ne a agogon bango, amma lokuta biyu ne daban a duniya. A watan Maris akasin haka ake samu: ranar 30 ga Maris 2025 agogon Landan ya tsallake daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, 01:30 bai wanzu ba sam, kuma aikin da aka saita wa na'ura ta yi a wannan lokaci yana iya wucewa ba a yi shi ba.

Me ya sa UTC bai shiga wannan rikici ba? Saboda matsar da agogo hukuncin gwamnati ne. Ƙasashen da rana ke daɗewa sosai ba ta faɗi ba a lokacin zafi suna tura agogo gaba don su mori hasken yamma, kuma kowace da ranarta. Amurka tana sauyawa a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai a Lahadin ƙarshe, shi ya sa a 2025 aka yi mako uku tazarar Niyok da Landan tana awa huɗu maimakon biyar. Masar ta bar abin na wasu shekaru, ta dawo da shi a 2023. Maroko a 2018 ta tsayar da agogonta gaban UTC da awa ɗaya, ta riƙa komawa baya idan azumi ya zo. Shi kuwa UTC ƙirge ne na daƙiƙoƙi daga ɗaruruwan agogunan atam da ke ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, ofishin awo na duniya da ke kusa da Faris yake haɗa alƙalumansu. Ba agogon wata ƙasa ba ne, shi ne ma'aunin da kowace ƙasa ke faɗin tazararta da shi: Gana daidai, Najeriya da Nijar ƙarin awa ɗaya, Sudan biyu, Saudiyya uku. Idan mudun da ake awo da shi yana ƙaruwa yana raguwa, ciniki ya lalace. Ko ƙasashen Tarayyar Turai, da UTC suka ƙayyade lokacin sauyin nasu: dukkansu suna juya agogo da ƙarfe ɗaya na UTC, a daƙiƙa guda.

Akwai ruɗani ɗaya da na sha gyarawa a ofis. Mun saba jin “agogon GMT” a rediyo, har mutane suka ɗauka shi ne agogon Landan a kowane lokaci. A lokacin sanyi ne kawai suke haɗuwa. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san haka ko ba a faɗa musu ba, tunda wasan ƙarfe uku na can yakan zo mana da uku a Satumba, a Disamba kuma da huɗu.

Gyaran da muka yi ba shi da wuya, lallashin mutane ne ya fi cin lokaci. Mun roƙi na Landan su riƙa turo lokaci a cikakken tsari, kamar `2024-10-27T00:50:00Z`, inda `Z` ke nufin UTC, ko aƙalla su haɗa da tazarar, kamar `+01:00`. Na mayar da sabar ɗinmu duka kan UTC da `timedatectl set-timezone UTC`, na tabbatar suna daidaita agogonsu ta NTP, hanyar saita agogon na'ura ta intanet, domin na'urar da ta zame da minti biyu tana iya juya jeren abubuwa ko da kowa yana kan UTC. Rumbun bayanai ba ya ajiye komai sai UTC. Juyawa zuwa `Africa/Lagos` a allo da rasit kawai ake yi, tunda Hajiya da ta zo karɓar kuɗi agogon hannunta take dubawa. Tsofaffin bayanan wancan dare kuwa, lokacin da ke jikinsu bai isa ya raba gardama ba, sai da muka bi lambobin aike a jere muka gane wanne ne na zagayen farko.

Yanzu idan aka kawo mini lissafin da bai haɗu ba, abu biyu nake fara dubawa. Shin bambancin minti sittin ne cif? Shin ya fara ne a Lahadin ƙarshen Maris ko Oktoba? Idan amsar e ce, ba na neman ɓarawo. Wata alamar ita ce aiken da aka yi gab da tsakar dare ya faɗa cikin lissafin jiya a wurinsu, na yau a wurinmu. Wannan sai da muka zauna muka amince cewa ranar lissafi tana rufewa da tsakar daren UTC, ƙarfe ɗaya na dare a Kano.

Sai dai UTC ba ya maganin komai. Abin da ya riga ya faru, a rubuta shi da UTC, ba zai taɓa motsi ba. Alkawarin gaba kuwa daban ne. Muna da taro da na Landan duk Litinin ƙarfe tara na safe agogonsu. Wani abokin aiki ya ba da shawarar a ajiye shi a matsayin 08:00 UTC, na ce masa hakan zai yi daidai a Yuli, amma a Nuwamba zai kira su ƙarfe takwas. Irin wannan ana ajiye shi ne da lokacin gari tare da sunan yankin, `Europe/London`, a bar na'ura ta lissafa UTC ɗin kowane mako daga kundin yankunan lokaci na IANA. Kundin nan kuma dole a riƙa sabunta shi, domin gwamnatoci na sauya doka ba tare da dogon gargaɗi ba. A Maris 2023 gwamnatin Labanan ta ɗage ranar sauyin agogo ana saura kwanaki kaɗan, ƙasar ta wayi gari da agogo biyu, wasu sun bi umarnin wasu sun ƙi. Tun daga gyaran namu, sabunta `tzdata`, wato kundin nan, ya shiga jerin ayyukan da nake yi wa sabar ɗin kafin kowane Maris da Oktoba.