Datse gefen hoto bayan an cire baya: fiksel ɗaya kan ɓata aikin

Darasin da masu zanen fosta da sitika a shagunan ɗab'i na Kaduna ke koya a makare shi ne, cire bayan hoto ba ya rage girman hoton. Bayan ya tafi, amma filin da ya bari yana nan, kuma manhaja da shi take awo.

A ce mai sayar da huluna a Kasuwar Barci ya kawo hoton hular zanna bukar, faɗinsa fiksel 3000, tsawonsa 4000, hular kuwa ta ci 1200 a faɗi da 900 a tsaye. An cire baya, an adana a PNG, an kai CorelDRAW, an ce faɗi ya zama santimita 10. Abin da zai fito a takarda hula ce mai santimita 4, domin goman nan an raba ta ne a kan 3000, ba a kan 1200 ba. In kuma hular ta karkata gefe ɗaya a ainihin hoton, ko an danna a daidaita ta a tsakiya sai ta zauna a karkace. Maganin shi ne a datse filin har iyakar hoto ta manne da jikin hula ta gefe huɗu. A Photoshop ana bin Image, sai Trim, a zaɓi Transparent Pixels. A GIMP, Crop to Content ne ke wannan aiki.

Inda ake shan wahala shi ne yadda manhaja ke gane fili. Kowane fiksel yana da lambar alfa daga 0 zuwa 255: 0 babu komai, 255 launi cikakke. Datsewa tana shigowa daga kowane gefe, layi bayan layi, ta tsaya cak a layin farko da ta tarar da fiksel wanda ba 0 ba. Magogi mai laushin baki, ko kayan cire baya da kansu, sukan bar ɓurɓushi mai alfa 2 ko 3. Ido ba ya ganinsa, amma lissafi yana ƙirga shi. Guda ɗaya a can kusurwa ya isa a datse hoton hular nan ya fito 2900 maimakon 1200. Don haka kada a yarda da ido, a duba lambobin faɗi da tsawo bayan an datse. In ba su yi kusa da girman abin ba, akwai datti.

Wanda ke da ImageMagick, manhajar sarrafa hoto da ake rubuta wa umarni, zai iya tona asirinsa da wannan, wanda ke mayar da duk fiksel da ya wuce 0 fari fat:

```
magick hula.png -alpha extract -threshold 0 duba.png
```

A buɗe duba.png, duk farin ɗigon da ke nesa da hula shi ne mai laifi. In hoto ɗaya ne, a goge shi da hannu kawai. In hotuna ɗari ne na kundin kaya, gara a sa wa alfa iyaka da ɗan shirin Python mai amfani da Pillow, a bi da shi kan kowane hoto:

```python
from PIL import Image
im = Image.open("hula.png").convert("RGBA")
m = im.getchannel("A").point(lambda a: 255 if a > 8 else 0)
b = m.getbbox()
if b:
    im.crop(b).save("hula_datse.png")
```

Nan an ce duk abin da bai wuce 8 ba a ɗauke shi fili ne wajen neman iyaka. Ba a taɓa fiksel na cikin iyakar ba. Layin `if b` yana nan ne saboda hoton da babu komai a cikinsa, wanda `getbbox()` ke mayar wa da `None`.

Wace lamba za a sa? Ga abu mai kaifin baki kamar hula ko takalmi, 8 zuwa 16 ba ta cutarwa. Amma hoton amarya na sitikar biki, mai mayafi shara-shara, ko kaya mai inuwa a ƙasa, gefensa a hankali yake dusashewa. A kai lambar 50, sai a yanke inuwar a miƙe kamar da reza, kuma ba za a lura ba sai an ɗora hoton a kan farar takarda. Irin wannan a tsaya ƙasa da 5, sannan a bar ratar fiksel 10 zuwa 20 a kowane gefe. Ɗigon da ke da cikakken launi kuwa, babu iyakar da za ta kawar da shi, sai magogi.

Masu datsewa da `-trim` a ImageMagick su riƙa bin sa da `+repage`, in ba haka ba fayil zai riƙe bayanin matsayinsa a tsohon fili, wata manhajar ta buɗe shi a goce. Kuma kada a adana a JPEG, domin ba ya ɗaukar alfa.

Bayan datsewa ne ake sanin gaskiyar ingancin hoto. Fiksel 1200 a santimita 10 kusan ɗigo 305 ne a inci, ya wadatar. A ja shi zuwa santimita 20, ya sauko kusan 152, zaren ɗinkin hular ya fara dushewa a takarda.