Layin da ya ɓace daga lissafi ba tare da ya yi ƙara ba

Sana'ata tsara lissafi ce. Ina da ƙaramin kamfani na mutum huɗu, kuma abin da muke yi shi ne karɓar rubutattun bayanan masu ɗakin ajiyar kaya da ƙananan 'yan kasuwa, mu zuba su a Excel, mu mayar musu da tebur da za su iya karantawa su yanke shawara a kansa. Mafi yawan aikin da ke shigo mana siffarsa ɗaya: ga jerin kaya a shafi guda, ga jerin abin da ya fita a wani shafin, a haɗa su a faɗi jimillar kowane rukuni. Fomula biyu ce ke ɗauke da wannan aiki, VLOOKUP mai nemowa da SUMIF mai tarawa bisa sharaɗi, kuma a mahaɗar su biyun ne na fi ganin lissafi yana lalacewa.

Wani mai sayar da kayan gini ya taɓa kawo mana aiki, yana son sanin nauyin kayan da suka fita daga ɗakin ajiyarsa rukuni-rukuni, domin ya tsara lodin mota. Shafin farko muka sa masa suna Kaya, kala sittin daga layi na 2 zuwa na 61: lambar kaya a ginshiƙin A, suna a B, rukuni a C, nauyin katan ɗaya a D. Ƙusa lambarta K101, rukunin Ƙarfe, kilo 12. Sakata K102, ita ma Ƙarfe, kilo 8. Farin fenti F201, rukunin Fenti, kilo 20. Shafi na biyu shi ne Fita, mai kwanan wata a A, lamba a B, yawan katan a C. Mu ne za mu cike D da rukuni, E kuma da nauyi.

```
D2: =VLOOKUP(B2,Kaya!$A$2:$D$61,3,FALSE)
E2: =C2*VLOOKUP(B2,Kaya!$A$2:$D$61,4,FALSE)
```

Ana gaya wa Excel ne ya ɗauki lambar da ke B2, ya neme ta a ginshiƙin farko na jerin Kaya, ya dawo da abin da ke ginshiƙi na uku ko na huɗu a wannan layin. Alamar $ ita ke ɗaure jerin a wuri ɗaya. Idan babu ita, da ka ja fomular ƙasa sai jerin ya riƙa zamewa layi ɗaya-ɗaya, kayan da ke sama su fita daga cikinsa. Shi kuwa FALSE na ƙarshe ba na yarda wani yarona ya bar shi. In ba a rubuta shi ba, Excel yakan ɗauka ana son abin da ya yi kusa ne. A jerin da aka jera bi da bi, ka nemi K103 wadda babu ita, sai ya miƙo maka nauyin K102 ba ko gargaɗi.

Sai tarawa. A ginshiƙin G muka rubuta sunayen rukuni, a H muka sa wannan:

```
H2: =SUMIF($D$2:$D$400,G2,$E$2:$E$400)
```

Wato a duba D, duk layin da rukuninsa ya yi daidai da G2, a tara nauyinsa daga E.

Yarinyar da nake koya wa aiki ce ta yi teburin, kuma fomularta ba ta da aibi ko ɗaya. Ta kawo mini ta ce, "Yallaɓai, na gama, jimillar ta fito tsaf." Gaskiyarta, ginshiƙin H lambobi ne zalla. Amma layin Fita sun kusa ɗari huɗu, abin da ke ƙasa ba ya bayyana a fuskar kwamfuta sai an gangara.

Bari in rage shi zuwa layi huɗu don a ga abin da ya faru. Ƙusa katan 10, kilo 120. Fenti katan 5, kilo 100. Sakata katan 15, kilo 120. Ƙusa kuma katan 20, wanda ya kamata ya ba da kilo 240. Ƙarfe ke nan kilo 480. Teburin ya nuna 240. A layi na huɗu wanda ya shigar da bayanin ya buga K101 ya taɓa maɓallin tazara sau ɗaya a bayanta. Ido ba ya ganin wannan, amma a wurin VLOOKUP wata lamba ce daban, don haka D da E duka suka nuna #N/A, alamar da Excel ke sawa idan bai samu abin da ake nema ba. Da SUM ne ke tara E, da kuskuren ya hau har kan jimilla, kowa ya gani. SUMIF kuwa rukuni yake dubawa tukuna. Ya ga #N/A ba Ƙarfe ba ne, ba Fenti ba ne, ya tsallake layin ya wuce. Rabin nauyin ƙarfe ya salwanta, jimillar kuma tana nan fes. Da mun miƙa shi haka, da mutumin ya yi wa motarsa lodin da ya fi ƙarfinta yana zaton da sauran wuri, kuma sunan kamfanina ne a kan takardar.

Abin da ya tona asirin shi ne gwajin da nake yi wa kowane tebur kafin ya fita daga hannunmu. Ginshiƙin C ba fomula ba ne, hannu ya rubuta shi, saboda haka kuskuren nemowa ba ya shafarsa. Nakan tara shi gaba ɗaya, in kuma tara shi rukuni-rukuni a I, in cire wannan daga wancan.

```
I2: =SUMIF($D$2:$D$400,G2,$C$2:$C$400)
=SUM(C2:C400)-SUM(I2:I6)
```

Dole amsar ta zama sifili. A misalinmu katan 50 ne suka fita, rukunai suka ba da 30, saura 20 ba su da gida. Na ce mata, "Zo ki zauna, ki nemo mini katan ashirin ɗin nan." Ta tace ginshiƙin D ta ware masu #N/A, ta sa =LEN(B5) a gefe, ya ba ta 5 a lambar da haruffanta huɗu ne. Maganin shi ne a sa TRIM(B2) a madadin B2 cikin fomulolin biyu, ko a share tazarar tun daga tushe, wanda shi na fi so. Bayanan da aka kwafo daga intanet sukan zo da wata tazara da TRIM ba ya cirewa, ita sai da SUBSTITUTE(B2,CHAR(160),""). Haka nan idan lambobin kaya alƙaluma ne zalla, shafi ɗaya ya ajiye 1001 a matsayin lamba, ɗayan a matsayin rubutu, VLOOKUP zai ce bai gani ba. Ɗan koren tabon nan da ke kusurwar gurbi yakan nuna hakan.

Ta tambaye ni me ya sa ba za mu lulluɓe fomular da IFERROR mai rufe kuskure ba, ja-goran da take bi haka ya koyar. Na hana. Idan ka ce IFERROR ya sa sifili ko ya bar gurbin fanko, katan ashirin ɗin suna nan a ɓace, sai dai ka goge sawun da za ka bi ka same su. In ma za a yi amfani da shi, to ya rubuta "Ba a samu ba", a ƙara wannan a jerin rukunan G, yadda kayan da ba su da gida za su fito da jimillarsu a idon mai aiki.

Bayan mako biyu mutumin ya dawo yana son lissafin wata-wata, sai muka koma SUMIFS mai tarawa bisa sharaɗi fiye da ɗaya, inda J1 ke ɗauke da ranar farko, K1 ranar ƙarshe:

```
=SUMIFS($E$2:$E$400,$D$2:$D$400,G2,$A$2:$A$400,">="&$J$1,$A$2:$A$400,"<="&$K$1)
```

A lura, a nan ginshiƙin da ake tarawa shi ke zuwa farko, a SUMIF kuwa ƙarshe yake zuwa. Yawancin sifilin da ake kawo mini a ce fomula ta ƙi, juya wannan jeri ne ya haifar da shi. XLOOKUP, sabuwar fomular nemowa, ya fi VLOOKUP sauƙin rubutawa, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, kuma kwamfutar wannan mutumin 2016 ce, shi ya sa muka bar masa VLOOKUP. Gurbin gwajin katan kuma muka ɗauko shi muka ajiye a saman shafi, muka sa ya koma ja duk lokacin da ya bar sifili.