Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tabarmar Inna

Makon jiya na tsaya a auren Yaya Sabo, amma ruwan daren jiya ya mayar da ni daminar 2022, da kogin Haɗeja ya shigo mana gari. Katangar ƙasa daga gindi ruwa yake cin ta, kana ganin ta a tsaye, can cikin dare sai ka ji rim. Haka rumbunmu ya tafi. Sati uku muna kwana a ajin firamare.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce wanda ya ba ka tabarma ba ya tsayawa ya ga ka kwanta. A kan maganar nan na rubuta wa ɗalibaina wasan minti goma bayan ruwa ya janye. Ga fitowa ta biyu:

(Asuba, cikin aji. Malam Audu zaune a benci, wandonsa duk laka. Ɗanjuma ya shigo da buhu a ka.)

ƊANJUMA: Salamu alaikum. Malam, ya ruwa?

AUDU: (ya daɗe shiru) Ruwa ya yi gyara.

ƊANJUMA: Geron da marigayi Baba ya ranta mini ne na kawo, tiya ashirin.

AUDU: Baba bai taɓa faɗa mini ba.

ƊANJUMA: Ai ba ya faɗa. (Ya ajiye a bayan ƙofa, ya fice.)

(Ɓangaren mata. Talatu da ƙwaryar kunu.)

TALATU: Yaya Hajara, ki ara mini yaran nan su taya ni kwana. Maigidan yana wajen jinga, tsoro nake ji.

HAJARA: Su biyun?

TALATU: Har da autan. Miƙo shi.

Babu inda na sa kalmar sadaka, babu doguwar godiya. Duk wanda ya kawo abu, da dalilinsa yake zuwa, don kada mai gida ya sunkuyar da kai gaban iyalinsa. Bashin geron nan ba ni na ƙirƙira ba. Haka wani maƙwabci ya yi wa Baffa tun ina yaro, sai da na yi aure na gane babu wani bashi.

Abin da har yau yake ci mini rai, wani babba a wurin aikinmu ya ce wasan ba shi da darasi, dole a ƙara dattijo a ƙarshe ya yi nasiha. Na faɗa masa maganar Inna, ya ce tatsuniya ce. Aka ƙara.

Ranar wasa, da yaron ya ce ruwa ya yi gyara, fili ya yi tsit, na ga wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Dattijon nasiha na fitowa da gemun auduga, mata suka fara kaɗe zannuwa, yara suka ruga wajen mai rake. Takardar asali, wadda babu shi a ciki, tana nan a akwatin Inna.