Inda na kwana a neman dilancin sabulu na shiyyar Funtua

Salam 'yan uwa masu koyon harkar sari irina. Na yi alkawari zan riƙa sanar da ku yadda ake ciki a maganar kamfanin sabulun nan na Sharada a Kano da nake nema su ba ni dilancin kayansu a ɓangarenmu, to ga inda aka tsaya bayan sati 7.

Zuwana na farko dai kunya na sha. Na tafi da wasiƙa mai shafi ɗaya da satifiket ɗin CAC da lambar haraji da sitatimen na banki na wata 6, na rubuta musu cewa ina so a ba ni jihar Katsina gaba ɗaya ni kaɗai kuma zan riƙa ɗaukar katan 2,000 duk wata. Manajan sashen sayarwa ya karanta ya ɗago ya ce "Alhaji, katan dubu biyun nan, wa zai saya?" Na ce ai yallaɓai kasuwa akwai. Ya ce "A wane shago?" Nan fa na yi shiru, don wallahi lambar a kaina na ƙirƙire ta saboda ta yi kyau a takarda. Bai wulaƙanta ni ba, cewa ya yi in je in dawo da sunaye.

Sati 3 na yi ina yawo a kan mashin da littafi da samfur katan biyu da na saya da kuɗina, Funtua, Bakori, Danja, Malumfashi, Ƙafur. Duk shagon da na shiga tambaya uku ce, wane sabulun wanki kake sayarwa yanzu, katan nawa kake ƙararwa a sati, kuma daga ina kake sarowa. Shago 140 na ƙirga. Wanda suka ce za su karɓa da yawa ne, amma kun san mutanenmu da kara, kowa "in sha Allahu" zai ce maka, don haka sai wanda ya ɗauki samfur kuma na koma bayan kwana biyar na tarar ya sayar har yana tambayar ƙari na rubuta. Su 60 ne, sai ƙananan 'yan sari 8 masu kai kaya ƙauyuka ranar kasuwa.

Ga lissafin da ya fito. Shago 60 kowa katan 3 a sati, 180 ke nan, 'yan sari 8 kowa katan 15, 120 ke nan, jimla 300 a sati, wato 1,200 a wata. Kun ga nesa da 2,000 ɗin da na yi cika baki a kai. Kuma na janye maganar jiha gaba ɗaya na tsaya a ƙananan hukumomi biyar ɗin nan, tunda duk kusa da juna suke, mota ta taso daga Kano ta Gwarzo da Dayi ta sauke a Malumfashi ta wuce Bakori ta ƙare a Funtua. Dandume da Faskari da Sabuwa na rubuta su a mataki na biyu saboda yanayin tsaro, ba zan yi alkawarin wurin da direba zai ƙi zuwa ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku nutsu, don shi ne abin da ban sani ba sai da na zauna da wani tsohon dila, abokin babana. Farashin da suka ba ni naira 9,000 katan, ni kuma in bayar a 9,500, sama da haka babu mai saye. Ɗari biyar ke nan a kai. Mota daga Kano 150, 'yan dako 30, rabawa shago shago da a daidaita sahu kusan 120, saura 200. Ka ninka da 1,200 ka samu 240,000, ka cire hayar sito da albashin yara biyu 130,000, abin da ya rage 110,000 a wata. A kan kaya na miliyan 10.8! Na ce Baba ai wannan wahalar banza ce. Ya yi dariya ya ce "Yaro, ba ka karanta ƙasan takardar ba." Ashe kamfanin na mayar wa dila kashi 2 cikin 100 na abin da ya saya idan ya cika adadin da aka yanka masa a wata, wato ni 216,000, kusan ninki biyu na ribar da nake ta lissafi. Ribar dilanci tana can, kuma ka gaza ko da katan goma ne ba ka da ko sisi.

To ku duba abin da na so in yi wa kaina. Da sun amince da 2,000 ɗin nan, da duk wata zan sayar da 1,200 in rasa kamashon gaba ɗaya, ko kuma in ciyo bashi in cike 800 in jibge a sito, sannan in karyar da su don in samu kuɗin lodi na gaba. Baban ya ce haka kaya ke tsallaka shiyya, dilan da ke neman cika adadi sai ya zubar da kaya a farashin kamfani ko ƙasa da shi, kamashon kawai yake hari. Kuma na gani da idona, cikin shagunan da na zaga kusan rabi daga kasuwar Singa suke sarowa, wasu daga Zariya, in kaya suka zo daga can a 9,200 ni na mutu da 9,500 ɗina, ko da takardar "kai kaɗai ne" a hannu. Alamar da za ka gane ita ce kwastoman da ya saba ɗaukar 15 ya koma 5 amma shagonsa cike yake.

Saboda haka a takarda ta biyu, shafi 4, ban nace wa kalmar ni kaɗai ba. Na sa jerin shagunan da garuruwansu, hoton sito da girmansa, ranakun da za a bi kowane gari, sai adadi hawa hawa, 800 a watan farko, 1,000 na biyu, 1,200 na uku. Na nuna jarina ma ƙarara, lodin katan 600 duk sati biyu miliyan 5.4, ga kusan miliyan 2.85 da zai riƙa kwana a hannun masu shago tunda yawancinsu bashin sati guda suke karɓa. Abin da na roƙa uku ne, kar su naɗa wani dila a garuruwan nan biyar muddin ina cika adadi, a rubuta lambar baci, wato lambar da kamfani ke bugawa a kan kowane rukunin kaya, ta kowane lodin da na ɗauka don in an ga baƙon katan a gane daga ina ya fito, sannan a fayyace wa ke ɗaukar asarar katan ɗin da ya jiƙe ko ya fashe a hanya.

Manajan ya daɗe a kan shafin sunayen, har ya kira shago biyu a gabana ya tambaye su ko sun san ni. Sun yarda da gwajin wata 3, kuɗi hannu kafin lodi, bashi sai bayan wata 6 kuma da garantin banki. Lambar baci sun ce ba matsala. Maganar kar a naɗa wani kuwa a baki ya ce "ba za mu naɗa ba", na ce ranka ya daɗe a rubuta mana, ya ce sai ya kai wa oga. Wakilinsu zai zo ganin sito ranar Laraba, ni kuma har yanzu ban sa katakon da za a ɗora kaya a kai ba kuma akwai kusurwa ɗaya da kwano ke yoyo, gobe da safe kafinta zai zo.