Saurin yatsa da haƙurin gem: abin da na gano a kwanturola mara sanda

Kwanturola mara sanda ba ta da wannan sandar da ake juyawa. Maɓallai ne zalla a kan faifai. Hannun hagu yana da guda uku a jere: hagu a ƙarƙashin yatsan zobe, ƙasa a ƙarƙashin na tsakiya, dama a ƙarƙashin manuni. Na tsalle yana can ƙasa inda babban yatsa yake kwanciya. A tsarin kamfanin Hit Box, wanda yawancin masu ƙerawa suka kwaikwaya, na tsallen milimita 30 ne, sauran 24. Tawa 'yar ƙarama ce mai aiki da manhajar kwanturola ta GP2040-CE, da ita nake buga Street Fighter 6 a kwamfuta, a ɗakin wani abokina a Unguwar Rimi. A Kaduna in ka shiga gidan gem ƙwallo za ka tarar, mu masu gem ɗin faɗa sai dai mu nemi junanmu.

Kowa ya ce mini kwanturolar ta fi sanda sauri, kuma gaskiya ne. Sai dai saurin nan shi ya fi ɓata mini wasa da farko, ban kuma gane dalili ba sai da na raba abubuwa biyu da muke haɗawa mu kira bafa.

Gem ɗin yana tafiya da firam 60 a daƙiƙa. Abu na farko, bafa ta ainihi, ta shafi lokacin danna maɓalli. In ɗan wasanka bai gama bugu ba ka danna na gaba, gem ɗin yakan riƙe maka shi na ɗan lokaci, ya sake shi a firam na farko da ka samu damar motsi. A Street Fighter 6 riƙon firam 4 ne ga yawancin bugu. A ce bugunka ya sa ka riga abokin karawa farfaɗowa da firam 6, bugun da za ka ɗora kuma yana fita a firam 6. A Street Fighter IV wannan firam ɗaya tak yake nufi, ko ka dace ko kwambo, wato jerin bugun, ya zube. Yanzu kana da wancan firam ɗin da huɗu kafinsa, biyar ke nan. Amma lura, duk rangwamen na mai yin wuri ne. In ka makara da firam ɗaya za a tare bugun. In ka yi gaggawa fiye da huɗun nan, babu abin da zai fito sam.

Wannan bambancin ya zame mini ma'auni. A filin atisaye sai in saita ɗan tsanar ya riƙa tarewa bayan bugun farko. In bugu na biyu ya fito aka tare, na makara. In ɗan wasana ya tsaya ƙiƙam, na yi wuri. Maɓallan tawa ba su da zurfi, da an taɓa sun shiga, don haka kusan kullum tsayawa ƙiƙam nake gani. Sai na koma kallon hannun ɗan wasana Ryu, ba na dannawa sai ya fara dawowa.

Abu na biyu ya fi ba da wahala: sassaucin da gem yake yi wajen karanta motsi. Muna rubuta motsi da lambobi yadda suke jere a gefen dama na madannan kwamfuta, ga mai fuskantar dama: 2 ƙasa, 3 ƙasa da gaba, 6 gaba. Hadoken, dunƙulen wutar da Ryu ke jefawa, shi ne 236 da naushi, Shoryuken, naushin da yake tashi sama da shi, 623 da naushi. Gem ɗin ba ya neman ka yi su tsaf. Yana waiwayar abin da ka danna, in ya ga matakan a jere, tsakanin kowanne da na gaba bai wuce 'yan firam ba, ya karɓa ko da akwai tarkace a tsakani.

To ga inda aka samu matsala. Ina takawa gaba ina matsa wa abokin karawa, sai in so jefa Hadoken. Abin da ya shiga shi ne 6, 2, 3, 6, naushi. A cikinsa akwai 236, akwai kuma 623, gem ɗin kuwa Shoryuken yake fifitawa. Ryu ya tashi sama a banza, ya sauko a ci ƙaniyarsa. Da sanda, kafin hannu ya taho daga gaba zuwa ƙasa wani lokacin 6 ɗin ya tsufa. A nan kuwa manuni yana ɗagawa na tsakiya ya sauka, firam biyu ko uku. Ƙanin abokina, wanda ya fi mu duka iyawa, ya leƙa jerin dannawa da ke gefen allo ya ce, "Yaya, ai kai ka roƙe shi. Dubi 6 ɗin nan, ko sanyi bai yi ba." Magani biyu ne. Ko ka saki gaba ka ɗan numfasa kafin ka taɓa ƙasa, ko ka faro motsin daga baya, 41236. Na fi son na biyun, domin a tsakiyar wasa ba na yarda da kaina in ƙirga numfashi.

Sassaucin nan dai yana da riba. Kana tsugune, wani ya yo tsalle kanka: riƙe ƙasa da na tsakiya, ka taɓa gaba sau biyu da manuni, ka danna naushi. 323 ya shiga, gem ya karɓe shi a matsayin Shoryuken, ba ka ko miƙe ba.

Hadoken kansa mataki uku ne, na ukun ake mantawa: danna ƙasa, ƙara gaba, ɗaga na tsakiya, sannan naushi. In naushi ya riga ɗagawar, jerin zai tsaya a 3, ka ga naushin tsugune. In ka ɗaga kafin gaba ya shiga, 3 ta ɓace. A gefen dama na allo abin ya fi tsanani, don gaba ya koma kan yatsan zobe, shi kuwa ba ya son rabuwa da na tsakiya. Rabin atisayena a wannan gefen nake yi.

Sai SOCD, wato abin da kwanturola za ta aika in an danna kishiyoyi tare. A tsohon tsarin Hit Box hagu da dama suna soke juna, sama da ƙasa kuwa sama ke ci. A 2023 dokar gasar Capcom Pro Tour ta ce sama da ƙasa ma su soke juna. Mai wasa da Guile ya fi jin wannan a jikinsa: da yana riƙe ƙasa ya taɓa sama kawai Somersault Kick ya fita, yanzu dole ya saki ƙasa. A GP2040-CE ana riƙe maɓallin Start a jona wayar USB da kwamfuta, a buɗe 192.168.7.1 a burauza, a zaɓi Neutral a saitin SOCD. Na saita tawa haka tun farko don kada hannu ya saba da abin da za a hana shi a gasa.

Tawa tana da ƙarin maɓallai, na kuma jarraba wurare kafin na zauna. Drive Impact, bugu mai nauyi da ake yi da maɓallai biyu, yana fita a firam 26, mai son mayar da shi ba shi da lokacin laluben maɓallai biyu, don haka na ba shi nasa a ƙarƙashin ƙaramin yatsan dama. Drive Parry, na kare bugu, na fara sa shi dab da na tsalle, sai babban yatsa ya riƙa gogar biyun tare, in yi tsalle inda na so karewa. Na bar tsalle wa babban yatsan hagu shi kaɗai, na matsar da Drive Parry ɓangaren na dama, da maɓalli ɗaya da ban sa wa komai ba a tsakaninsu.